Bidiyon Biki Ya Ƙi Sauka: Yadda Ake Rage Masa Nauyi

Mai ɗaukar hoto ya gama haɗa bidiyon kamu na minti uku, ya duba nauyinsa ya ga megabait 360. Dangin amarya da ke ƙauye kuwa, sabis ɗinsu sai an hau tudu. Kafin bidiyon ya kai rabi, data ta ƙare.

Wannan nauyi ya fito ne daga abin da manhajar tace bidiyo ke rubutawa Bitrate, wato yawan bayanan da ake zuba wa kowace daƙiƙa. Lissafin ba wuya: a ninka shi da yawan daƙiƙun bidiyon, a raba da 8, domin bit 8 ne ke yin bait ɗaya. An fitar da bidiyon nan a kan 16 Mbps, tsawonsa daƙiƙa 180, shi ya ba da 360. Da an ba hoto 1.5 Mbps, sauti kuma kimanin 0.1, da megabait 36 kacal zai zama, kashi ɗaya cikin goma ke nan.

Amma a nan da yawa ke tuntuɓe. Sai mutum ya rage wannan lamba ya bar girman hoton a 1080p, kamar wanda ya rage miya bai rage tuwo ba. Hoton 1080p yana da ɗigo fiye da miliyan biyu, na 720p bai kai miliyan ɗaya ba, don haka ɗan abin da aka zuba ya fi isar ƙaramin. A fuskar waya da ƙyar ido ke gane bambancin girman, amma nan take yake ganin hoton da ya ji yunwa: da an fara rawa fuskoki su dagargaje su zama ƙananan murabba'ai, adon leshi ya cakuɗe, wurare masu duhu su yi dabbare-dabbare. Idan haka ta faru, a ƙara zuwa 2 Mbps, ko a sauko 480p. In kuma an ɗauka a 60 fps, a mayar 30.

Batun mazubi ba ya buƙatar dogon tunani, a zaɓi MP4. Sai dai MP4 buhu ne kawai. Salon matse hoton da ke ciki shi ne Codec. H.265 ya fi iya matsewa, amma tsofaffin wayoyi kan yi ta sarƙewa da shi ko su ƙi buɗewa. Ni dai, in ban san wayar da za ta karɓa ba, H.264 nake ba da shawara, da sautin AAC.

Kafin a fitar da duka, a yanki daƙiƙa 20 daga inda aka fi motsi, a gwada a ƙaramar waya. A WhatsApp kuma a tura shi a matsayin Document, domin in an tura ta hanyar da aka saba, manhajar za ta sake matse abin da aka riga aka matse.