Awo da Jifan Tsakuwa: Yadda Dabarar Monte Carlo Take Aiki

A shekarar 1946 masanin lissafi Stanislaw Ulam, wanda ke aiki a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, ya kawo wata shawara: idan lissafi ya gagara, a yi ta gwaji barkatai, a ƙirga abin da ya fito. Shi da John von Neumann suka ɗora dabarar a kan kwamfuta, abokin aikinsu Nicholas Metropolis kuma ya raɗa mata suna Monte Carlo, wato garin gidan cacar nan na Monako.

Ga yadda take aiki. A ce akwai fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato murabba'in mita 10,000. A cikinsa akwai tafki mai siffar rubu'in da'ira, wanda cibiyarsa take a kusurwa ɗaya, bakinsa kuma yana nesa da kusurwar da mita 100. Mun zaɓi wannan siffa ne don mun san amsar tun farko: murabba'in mita 7,854. Sai kwamfuta ta riƙa "jefa tsakuwa" ta yadda kowane wuri a filin yake da damar samunta daidai da kowane. Idan 79 cikin 100 suka faɗa ruwa, sai mu ce tafkin ya kai 7,900.

To, yaya girman kuskuren yake? Da jifa 100, amsar takan kauce da kimanin murabba'in mita 410. Da jifa 10,000, kaucewar takan dawo 41. Da jifa miliyan ɗaya, kusan 4. Wato kuskuren yana raguwa ne daidai da 1/√N, inda N yake nufin yawan jifa, √N kuma lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da N. Dalili shi ne kura-kuran jifa suna kashe juna, wani ya yi sama wani ya yi ƙasa, amma ba sa kashe juna kaf. Saboda haka mai son raba kuskure biyu sai ya ninka aikinsa sau huɗu, mai son rage shi sau goma kuwa sai ya ninka sau ɗari.

Duk da wannan tafiyar hawainiya, ba a yar da dabarar ba, domin ƙa'idar 1/√N ba ruwanta da yawan abubuwan da ke canzawa a cikin matsala. Wanda zai gwada matakai goma-goma na abubuwa 20 a jere, yana buƙatar lissafi 1 mai sifili 20 a bayansa. Mai jifa barkatai bai san wannan wahalar ba.

Gwaninta tana wajen rage warwatsuwar amsa ba tare da ƙara jifa ba. Mu koma filin, mu yanka shi gida 100, kowane gida mita 10 a tsaye da kwance. Gida 69 suna cikin ruwa tsundum, 14 suna kan tudu, 17 kaɗai bakin tafkin ya ratsa. Jifan da ya faɗa cikin gida 83 na farko asara ne, tunda an riga an san amsarsu. Sai mu rubuta 6,900 kai tsaye, mu zuba jifa 10,000 duka a gidaje 17 ɗin nan. Kuskure zai sauko daga 41 zuwa kimanin 8. Da tsohuwar hanya, sai an yi jifa fiye da 230,000 kafin a kai haka.

Akwai kuma dabarar tagwaye. Idan aka zaɓi wuri mai nisan mita 20 daga gefen filin don auna faɗin ruwa, sai a haɗa shi da na mita 80. Inda ɗaya ya yi yawa, ɗayan yakan yi kaɗan, sai matsakaicinsu ya fi tsayawa wuri ɗaya.

Babban haɗarin dabarar shi ne abin da ba kasafai yake faruwa ba. Idan abu yana aukuwa sau ɗaya cikin miliyan, jifa 10,000 da wuya su ci karo da shi, sai lissafi ya nuna sifili, ya kuma nuna babu kuskure. Maganinsa shi ne a karkata jifa da gangan zuwa wurin da abin yake, sannan a rage nauyin kowane jifa gwargwadon fifikon da aka ba wurin. In an manta da rage nauyin, amsar ta karkace, kuma ƙarin jifa ba zai miƙe ta ba.

Don haka kada a karɓi amsar Monte Carlo sai tare da ƙiyasin kuskurenta. A maimaita lissafin da sababbin jifa, a duba ko kusan biyu cikin uku na amsoshin sun faɗa cikin tazarar da aka ƙiyasta. Sannan a ninka jifan sau huɗu. Idan warwatsuwar ba ta ragu da kusan rabi ba, ko kuma jifa ɗaya tak yana girgiza matsakaicin, to akwai wani yanki mai nauyi da tsakuwar ba ta isa gare shi sosai ba.