Kukan Ribas da Shirun Giyar Gaba: Bayani ga Mai Sayen Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Sabon Birni ko ta Isa ya san kukan nan mai tsini da tsohuwar mota kan yi idan direba ya sa ribas. Da ya koma giyar gaba sai kukan ya ɗauke. Fatake da yawa suna zaton ciwo ne, har wani ya fasa ciniki saboda shi, alhali kuwa wannan kuka lafiya ne. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne kukan giyar gaba, gama shi ke kwantar da mota da lodin albasa a hanyar Shinkafi. Asalin bambancin yana ga haƙoran da ke cikin akwatin giya.

Haƙoran nan iri biyu ne. Akwai miƙaƙƙe, wanda aka yanke shi sambal, daidai da sandar da giyar ke kai. Akwai kuma karkatacce, wanda aka yanke a jirge. A yawancin tsofaffin motoci ribas miƙaƙƙe ne, na gaba kuwa karkatattu. Dalili shi ne, giyar ribas turo ta ake yi ta shiga tsakanin wasu biyu, miƙaƙƙen haƙori kuwa ya fi sauƙin zamewa ya shiga, ga arahar ƙira, aikinsa kuma na ɗan lokaci ne.

Miƙaƙƙen haƙori yakan gamu da ɗan'uwansa gaba ɗaya, duk faɗinsa a lokaci guda, kamar an tafa hannu. Nauyi kuma yana tsalle, yanzu haƙori ɗaya ke ɗauke da shi, an jima biyu. A ƙaddara giya mai haƙori 20 tana juyi 1,500 a minti. Karo 500 ke nan a kowace daƙiƙa, kunne kuwa ba ya iya rarrabe su, sai ya ji su kuka guda mai tsawo. Shi ya sa in direba ya ƙara wuta a ribas, muryar ke ƙara tsini. Karkataccen haƙori kuwa yakan fara taɓawa daga gefe ɗaya, haɗuwar ta bi tsawonsa sannu a hankali, kamar yankan almakashi. Kafin wannan ya saki, wani ya kama, biyu ko uku suna raba nauyi. Daga nan shiru ya samu.

Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Miƙaƙƙen haƙori turinsa na juyawa ne, sai kuma ɗan ƙoƙarin raba sanduna biyu da juna, ba ya tura sanda gaba ko baya. Karkatacce kuwa, da yake a jirge yake, yana yin aikin dunƙulen itacen da ake bugawa a tsaga gungume: wani kashi na ƙarfin yakan zame gefe, ya nemi fitar da sandar ta bangon akwati.

Wannan turi yana da hisabi mai sauƙi. A auna faɗin giyar, a kuma auna yadda ƙarshen haƙori ya kauce wa farkonsa. A ƙaddara faɗin milimita 25 ne, kaucewar milimita 9. In an raba 9 da 25 sai a sami kashi 36 cikin 100, wannan kuwa shi ne karkata ta wajen digiri 20. To, idan ƙarfin da ke juya haƙorin ya kai nauyin kilo 400, watau buhun gero huɗu masu kilo ɗari ɗari, turin gefe zai zama kilo 144, kusan buhu ɗaya da rabi, a jingine da ƙarshen sanda muddin mota na jan kaya. In karkatar ta kai digiri 30, turin ya haura kilo 230. Ƙarin karkata ƙarin shiru ne, kuma ƙarin turi ne. Sa'an nan turin ba fuska ɗaya yake bi ba. Da direba ya ɗaga ƙafa a gangara, ƙafafun mota suka koma su ke juya inji, sai ya juya ya nufi ɗaya bangon.

Nan ne maganar boris ta shigo. Sandar miƙaƙƙen haƙori ba ta bukatar kome sai abin da zai tallafe ta, ko bushi na tagulla, ko boris mai miƙaƙƙun sanduna, da ɗan zobe da zai hana ta yawo. Irin injin matse rake da doki ke juyawa a ƙasar Zazzau shaida ne: tafiyarsa a hankali, ƙara ba ta dami kowa ba. Sandar karkatacce kuwa tilas a ba ta abin tokara. In turin matsakaici ne, boris mai ƙwallaye ya isa, domin ƙwallayen suna cikin kwari mai zurfi, suna tare turi ta gaba da ta baya. In mai nauyi ne, sai boris mai tsukakken baki, irin na cibiyar ƙafar gaban babbar mota. Shi wannan fuska ɗaya kaɗai yake tarewa, saboda haka biyu ake sawa suna fuskantar juna, a daidaita su da siraran washa. In an matse su ƙwarai sai su yi zafi su ƙone, in an bar su sako-sako sai sanda ta riƙa kai da kawowa.

Maƙera suna da dabarar rage turin. A sandar ƙasa ta akwatin giya, haƙoran da ake juyawa da masu juya wasu duk hannu ɗaya ake karkata su, sai turin wannan ya ci na wancan. Akwai kuma haƙori mai siffar ƙashin kifi, rabi dama rabi hagu, wanda ke kashe turinsa da kansa, sai dai yankansa da tsada. Irinsa André Citroën ya ƙera kafin ya fara motoci a 1919, shi ne kuma tambarin motarsa. Mai sayen kayan gyara ya lura: karkatattu biyu da za su ci juna, ɗaya na dama ne ɗaya na hagu, karkatarsu kuma daidai.

Mai son gwada mota kafin ya biya, ga hanya. Ya sa direba ya taka wuta ya saki, ya taka ya saki, idonsa a kan sandar canja giya. In tana rusunawa gaba da baya, ko giya ta fita da kanta, galibi abin tokara ya ci. Sa'an nan ya saurara. A mota mai giya huɗu da ke ja da ƙafar baya, kamar Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna, giya ta huɗu tana wucewa kai tsaye, ba ta ɗora wa sandar ƙasa nauyi. In ana gurnani a ɗaya da biyu da uku, ya lafa a huɗu, a tuhumi boris na sandar ƙasa ko na bakin akwati. Daga ƙarshe a kwance man giya a duba shi a rana. Gari mai ruwan zinariya na tagulla ne, daga washa ko zoben da ke daidaita shigar giya. Ɓarɓashi mai ƙyalli fari kuwa daga boris yake ko haƙori.

In an sami haka, kada a yarda bakanike ya cusa kowane boris don kawai ya shiga ramin. Mai miƙaƙƙun sanduna a gurbin mai ƙwallaye zai yi juyi lafiya a gareji, amma da an yi lodi babu mai riƙe kilo 144 ɗin nan, sai sanda ta ci bangon akwati. A karanta lambar da ke jikin tsohon, a sayi irinsa, gama kuɗin boris ɗaya bai kai na akwati ba, balle na albasar da ta kwana uku a rana.