Idan Hedikwata Ta Daina Jin Rassa: Abin da Wasiƙar Jami'in Bayanai Ke Nufi

A kamfanin da ke da rassa da yawa, kwamfutar kowane reshe tana rubuta cinikinta, sannan lokaci-lokaci ta aika wa babbar kwamfutar hedikwata, ita ma ta karɓo abin da sauran rassa suka aiko. Wannan musayar ce ake kira daidaita bayanai, wadda ke fitowa a allo da sunan Sync. Idan za a sauya babbar kwamfutar ko a sabunta manhajarta, dole a tsayar da musayar, domin bayanin da ya iso ana tsakiyar kwashe rumbun zai iya faɗawa tsohon wuri, a neme shi a rasa. Shi ya sa jami'in bayanai yake rubuta wa manajojin rassa tun kafin ranar.

Wasiƙar kirki tana farawa da lokaci, kuma ta faɗi agogon da take nufi. A ce za a tsayar daga ƙarfe 8 na daren Juma'a zuwa 12 na ranar Asabar. Agogon Kano da na Maraɗi ɗaya ne, amma na Kumasi yana baya da awa guda, haka ma agogon UTC da manyan kwamfutoci da yawa ke aiki da shi. Daga nan sai ta umarci kowane reshe ya yi daidaitawar ƙarshe kafin lokacin, ya tabbatar layin jiran aikawa, wato Pending, ya koma sifili.

Inda na fi son wasiƙar ta tsaya ta yi bayani sosai shi ne abin da allo zai riƙa nunawa a waɗannan awanni goma sha shida. Kwamfutar reshe ba za ta mutu ba, za ta buga rasit kamar kullum. Amma duk adadin da ya shafi wani wuri, kamar kayan babban sito ko bashin abokin ciniki mai saye a rassa biyu, ya tsaya cak a yadda yake ƙarfe takwas na dare.

Mu ɗauki misali. Babban sito yana da buhun shinkafa 40 lokacin da aka tsayar. Da safiyar Asabar reshen Zariya ya duba ya ga 40, ya karɓi kuɗin buhu 25. Reshen Katsina shi ma 40 ya gani, ya sayar da 30. Babu wanda ya yi ha'inci, amma an sayar da 55, kuma ba za a gane an yi giɓin buhu 15 ba sai bayanai sun haɗu da rana, lokacin da mai kaya ya riga ya turo mota. Maganin yana cikin wasiƙar: ko a raba kayan tun daren Juma'a, kowane reshe buhu 20, ko a ce ba a sayar da kayan sito sai an kira mai kula da shi a waya.

Matsala ta biyu daga kyakkyawar niyya take fitowa. Abokin ciniki ya biya naira 150,000 daga bashinsa, akawu ta shigar, ta ga hedikwata ba ta amsa ba, sai ta sake shigarwa don kada a ce ba ta yi aikinta ba. Kowace shigarwa tana samun lambarta daban, don haka idan hanya ta buɗe, babbar kwamfuta za ta karɓi duka biyun, a rage wa mutumin 300,000. Ya kamata wasiƙar ta faɗa ƙarara cewa ganin abu a layin jira alama ce ta an adana shi. Kada a sake shigarwa, kada kuma a goge manhajar ko a share ma'ajiyarta don a gyara ta, domin a wannan lokacin kwafi ɗaya tak na cinikin yana cikin na'urar reshen.

Bayan an dawo, manaja zai jira saƙon jami'in tukuna, domin aikin kan zarce lokacin da aka ɗiba, kuma akan buɗe wa rassa bi da bi don kada su yi wa babbar kwamfutar taron dangi. Sannan ya duba cewa lokacin daidaitawar ƙarshe ya nuna ranar Asabar, layin jira ya sauka zuwa sifili. Sai ya ƙirga: idan reshe ya buga rasit 62, a ga 62 a rahoton hedikwata, jimillar kuɗi ta yi daidai da abin da ke aljihun tebur da banki. In an ga 63, a nemi shigarwa biyu masu suna ɗaya da kuɗi ɗaya, 'yan mintoci a tsakaninsu. In 61 ne, akwai wadda ta maƙale ko aka ƙi karɓa. A tura wa jami'in lambar rasit ɗin da lokacin da aka buga shi, a bar na'urar yadda take har ya duba.