Ko Kun Sani? Fitila ɗaya ta isa nuna dare a fim

Matso da fitila kusa da ɗan wasa shi ke duhunta ɗaki a fim. Dalili kuwa, idan nisa ya ninka, haske kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A ce ana ɗaukar fim a wani ɗakin soro a Kademi, fitila na mita 1 daga fuska, bango na mita 3 daga fitilar: kashi ɗaya cikin tara na hasken fuskar kawai bangon zai samu, dare ya fito sosai. Idan aka ja ta baya zuwa mita 4 daga fuska, bango zai sami kusan rabin hasken fuskar, ɗakin ya koma kamar hantsi. Bangon ƙasa ya fi mai farin fenti taimakawa, domin yana shanye haske.