Saƙo ga Baba: yadda ake haɗa hedifon da talabijin

A gidaje da yawa, da zarar jin maigida ya fara raguwa, talabijin ɗin falo ce ke fara shaida. Za a ƙure mata murya lokacin labarai har maƙwabta su ji, Hajiya na ƙorafin ciwon kai, jikoki sun kasa karatu. Shi ya sa 'ya'yan da ke aiki a nesa suke sayen hedifon marar waya, wato abin sauraron nan da ake ɗorawa a ka ya rufe kunnuwa biyu, su ba wa direba ya kai gida. Sayen ba shi da wuya. Inda ake samun cikas shi ne bayanin yadda za a haɗa shi, domin wanda ya saya yana Abuja, wanda zai yi amfani da shi yana Zariya da rimot a hannu da tabarau a hanci. Sau da yawa kwalin yakan koma saman kabad a manta da shi.

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, mai aika saƙon yana da aikin da zai yi. Ya sa a ɗauko masa hoton takardar da ke manne a bayan talabijin, wadda ke ɗauke da sunan kamfani da lambar samfuri, da kuma hoton rimot. Dalili shi ne ba kowace talabijin ce ke da bulutut ba, ko da kuwa ta zamani ce mai shiga intanet, kuma kowane kamfani da inda ya ɓoye nasa saitin. A Samsung yana ƙarƙashin Sound Output. A LG ana neman Sound Out. A masu tsarin Android TV kuwa yana wani waje dabam da ake kira Remotes & Accessories, inda mutum ba zai taɓa zaton sauti na da alaƙa da shi ba. Wanda ya rubuta wa mahaifinsa "ka shiga saitin ka haɗa" bai faɗa masa komai ba.

Mu ɗauki misalin wata da ta aika wa mahaifinta hedifon, talabijin ɗin gidan kuma Samsung ce mai bulutut, an haɗa mata dikoda. Ga yadda saƙonta na farko ya kamata ya kasance:

"Assalamu alaikum Baba, barka da yamma, ya ƙarfin jiki? Ina fata saƙon ya iso. Yau ba abin da za a yi sai caji. A cikin kwalin akwai 'yar gajeriyar waya, a sa ta a ramin da ke ƙasan kunne ɗaya, ɗaya bakin kuma a kan cajar wayarka. Wata 'yar fitila za ta kama. Idan ta mutu ko ta canja launi, ya cika. Gobe bayan la'asar in sha Allahu sai mu haɗa."

Raba aikin gida biyu da ta yi dabara ce. Sabon hedifon yakan zo da ɗan guntun caji, kuma idan ya mutu ana tsakiyar haɗawa, dattijo zai ɗauka shi ne ya ɓata wani abu, daga nan kuma sai ya ce a bar shi kawai. Washegari sai saƙo na biyu:

"Baba, ka zauna kusa da talabijin, ka kunna ta. Idan akwai wanda ya taɓa gwada hedifon ɗin da wayarsa, a ce ya kashe bulutut ɗin wayar tukuna. Yanzu ka nemi maɓallin kunnawa a jikin hedifon, wanda ke da alamar da'ira da ɗan layi a samanta. Ka danne shi, kada ka saki. Fitila za ta kama, amma kada ka saki tukuna. Ka ci gaba da dannewa kana ƙirga ɗaya zuwa bakwai a hankali, har sai fitilar ta fara ƙyaftawa da sauri, shuɗi da ja. To a nan ka saki, ka ajiye shi a cinyarka.

"Sai ka ɗauki rimot ɗin talabijin, ba na dikoda ba, wanda aka rubuta SAMSUNG a jikinsa. Ka danna maɓalli mai hoton gida. Ka matsa zuwa Settings ka danna tsakiya. Idan ka ga All Settings ka shiga. Daga nan Sound, sai Sound Output, sai Bluetooth Speaker List. Ka ɗan jira, sunan hedifon ɗin zai fito, daidai da wanda ke rubuce a kan kwali. Ka danna shi, ka zaɓi Pair and Connect. Talabijin za ta yi shiru. Ba lalacewa ta yi ba, Baba, muryar ce ta koma cikin hedifon."

Wannan jumla ta ƙarshe ta fi sauran muhimmanci a ganina. Wanda bai san shirun zai zo ba, da ya ji shi zai hau danne-danne har ya warware abin da ya haɗa. Haka ma maganar "kada ka saki". A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, manya da yara. Dannawa ta ɗan lokaci kunna hedifon kawai take yi. Doguwar dannawa ce ke sa shi ya bayyana kansa ga na'urorin da ke kusa, kuma idan bai bayyana ba talabijin za ta yi ta nema ba ta gan shi ba. Launin fitilar da tsawon daƙiƙun sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wasu ma suna da maɓalli na daban don wannan aiki, don haka mai rubuta saƙon ya duba 'yar takardar da ke cikin kwali ya gyara. Wannan yanayin kuma ba ya daɗewa, bayan 'yan mintuna yakan daina. Idan Baba ya ɗau lokaci yana laluben rimot har fitilar ta daina ƙyaftawa, sai a kashe hedifon a sake dannewa.

A lura kuma da cewa ta bar kalmomin da ke kan allo da Turancinsu. Da ta fassara su, da Baba ya nemi fassarar a allo bai gani ba. Ko wanda bai yi boko mai zurfi ba yana iya kwatanta haruffa. Idan karatun ne ke ba shi wahala, a yi saƙon murya, amma kowane mataki da nasa saƙon, gajere, a haɗa da hoto, yadda zai saurara ya aikata sannan ya buɗe na gaba.

Sai maganar murya, wadda ta fi haɗawar rikitarwa, domin a irin wannan gida wurare uku ne ke riƙe da ita: dikoda, talabijin, da hedifon ɗin kansa. Sautin yana fitowa daga dikoda ya bi ta talabijin ya isa kunne. Idan an rage shi a farko, duk yadda aka ƙure na ƙarshe ba zai fito da kyau ba, sai dai a ji ɗan shuu a ƙarƙashin magana. Wani jika ya rage muryar dikoda da safe, Baba ya zo da dare yana ta danna hedifon a banza. A wasu talabijin rimot da maɓallan hedifon abu ɗaya suke motsawa, ka danna wannan ka ga lamba ta canja a allo. A wasu kuwa kowanne da nasa. Maganin shi ne a daidaita biyu sau ɗaya a bar su, a bar wa dattijo wuri ɗaya tak:

"Baba, kafin ka sa shi a kunne, ka rage muryar talabijin sosai. Yanzu ka ɗora shi a ka, ɓangaren da aka rubuta R a kunnen dama, L a hagu. A ƙara muryar dikoda ta kusa cika, a ajiye rimot ɗinta, ba za a sake taɓa muryarta ba. Daga yau da rimot ɗin talabijin kaɗai za ka riƙa ƙarawa da ragewa. Ka ƙara kaɗan-kaɗan har ka ji maganar mai labarai tar, sai ka tsaya. Idan ka kai sama kuma har yanzu ƙasa-ƙasa kake ji, ka laluba maɓalli mai alamar + a jikin hedifon ka ɗan danna sau uku, dannawa ka saki. Ka faɗa mini lambar da ta yi maka daidai a allo, mu rubuta ta a jikin rimot."

Ta ce "dannawa ka saki" ne saboda a hedifon da yawa dannewar + na dogon lokaci ba ƙara murya take yi ba, tsallake waƙa take yi. Ragewar farko kuma kariya ce, don kada ƙarar da aka saba ƙurewa a falo ta faɗa kai tsaye cikin kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma idan ƙarfin ya hau, lokacin yana raguwa da sauri. Babu mai ma'aunin desibel a falo, amma akwai gwaji mai sauƙi: idan wanda ke zaune kusa yana jin abin da ke fita daga hedifon, ya yi yawa. Idan kuma sai an kai shi ƙarshe Baba yake ji, to magana ta wuce ta hedifon, a kai shi likitan kunne. Wani lokacin dattin kunne ne kawai ya toshe.

Akwai ƙorafin da zai biyo baya, gara a tare shi tun wuri: Hajiya ma tana son jin labaran, ga talabijin ta yi shiru. Wasu samfuran Samsung suna da Multi-output Audio a ƙarƙashin Accessibility, wanda ke barin sauti ya fita ta wuri biyu a lokaci guda. Inda babu shi, sai a yi haƙuri a kashe hedifon, muryar za ta koma talabijin da kanta.

Idan kuma hoton bayan talabijin ya nuna ba ta da bulutut, ba a yi asara ba. Ana sayar da 'yar ƙaramar na'urar tura sauti da ake sa wa a ramin iyafis na talabijin ko a ramin da aka rubuta OPTICAL, sai a haɗa hedifon da ita. Abubuwa biyu ne za a kiyaye idan ta OPTICAL aka bi: a saita fitar sautin zuwa PCM, in ba haka ba za a iya jin shiru ko ƙarar banza, sannan galibi rimot ɗin talabijin ba zai taɓa muryar ba, sai da maɓallan hedifon. Wannan haɗin ba na saƙo ba ne, a samu yaro a unguwa ya yi. Akan kuma ga bakin mai magana ya ɗan riga muryarsa, musamman da na'urori masu araha. Ɗabi'ar bulutut ce, ba laifin Baba ba.

Saƙo na ƙarshe shi ne wanda za a rubuta da manyan haruffa a takarda a manna kusa da talabijin, domin haɗawar sau ɗaya ake yinta, ko an ɗauke wuta ba ta gogewa:

"Kullum: kunna talabijin, sai ka ɗan danna maɓallin hedifon ya kama, ban da doguwar dannawa. Ka jira kaɗan, zai haɗu da kansa. Idan bai haɗu ba, ka koma Sound Output ka zaɓi sunansa. Kada ka yi nisa fiye da taku goma, kuma bango yana yanke shi. Idan ka gama ka kashe shi ka sa a caji. Allah ya ƙara lafiya, Baba."

Abin da ya rage shi ne a ja wa jikoki kunne kada su haɗa hedifon ɗin da wayoyinsu. Yawanci na'urar da ya yi aiki da ita a ƙarshe yake fara nema, don haka idan suka ara suka saurari waƙa, da dare Baba zai kunna ya ji shiru.