Saƙon neman masu aikin sa kai: abin da ya kamata ya faɗa kafin a kira waya

Da zarar damina ta kankama a Katsina ko Jigawa ko Maraɗi, ana fara ganin mutane biyu-biyu suna bin lunguna da jaka a kafaɗa da alli a hannu, suna sallama gida-gida. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suke raba wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar wannan tsari a 2012 domin ƙasashen da cutar ke tashi da ruwan sama, kuma a Najeriya an fara shi ne a Jihar Katsina a 2013. Masu rabon ba likitoci ba ne. 'Yan unguwa ne da aka ɗauko aka horar, kuma a yau da yawansu ta wani ɗan saƙo da ya shigo waya suke fara jin labarin aikin.

Wannan ɗan saƙo shi ne ba a cika ba shi muhimmanci ba. Sau da yawa jami'in asibitin unguwa ko sakataren kwamitin ci gaban mazaɓa kan rubuta shi a tsaye, cikin gaggawa, ya fito kamar haka: "Ana neman masu aikin sa kai domin gangamin lafiya. Duk mai sha'awa ya zo asibiti gobe." Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da mutum zai yanke shawara a kai. Washegari sai harabar asibiti ta cika da samarin da suka ɗauka gwamnati ce ke ɗaukar ma'aikata, matan da ake nema kuwa suna gida, domin babu wadda za ta nemi izinin maigida a kan aikin da ba ta san lokacin fitarsa da na dawowarsa ba.

Saƙo mai kyau shi ne wanda mace za ta karanta, ko a karanta mata, ta san ko za ta iya ko ba za ta iya ba, tun kafin ta taɓa kiran kowa. Abu uku ne ke ba ta wannan dama: lokacin aiki, irin aikin, da wanda za a tuntuɓa.

Maganar lokaci ce ta fi yin ɓarna, saboda yadda rabon maganin yake. Ba aikin yini ɗaya ba ne. Ana ba yaro maganin ne duk bayan kwana 28, zagaye huɗu a yawancin jihohin Arewa mai nisa, daga Yuli zuwa Oktoba, wasu wuraren da damina ta fi tsawo kuma zagaye biyar. Kowane zagaye masu rabo kan yi kamar kwana huɗu a jere suna yawo. Idan saƙo ya ce "aikin kwana huɗu" kawai, mai karatu za ta ɗauka da ta gama kwana huɗun nan shi ke nan. Sai zagaye na biyu ya zo a watan Agusta, a nemi mutane a rasa: wannan ta tafi biki, wancan yana gona yana maimai, waccan ta koma makaranta. Dole a kawo sababbi waɗanda ba su halarci horo ba, su shiga gidajen da ba su san yaran ciki ba. Kalmomi uku, "duk wata huɗu", ko a fayyace "kwana 4 kowane wata, Yuli zuwa Oktoba", su ne ke tace masu iyawa tun daga farko.

Haka ma awannin. "Da safe" ba lokaci ba ne. Ga wani bayan asuba ne, ga wani hantsi. A rubuta ƙarfe nawa za a hallara, a kuma rubuta ƙarfe nawa za a tashi, domin na biyun ne mai shayarwa da mai girkin rana suka fi son ji. Idan ɗaya daga cikin ranakun ta faɗa Juma'a ko ranar kasuwar garin, gara a faɗi yadda za a yi da ita. Ranakun horo ma lokaci ne na mutum, a lissafa su a saƙon.

Sai irin aikin. A nan ma "taimaka wa al'umma" ba ya nuna komai. Aikin mai rabo yana da matakai sanannu. Za ta shiga gida ta tambayi shekarun yara, domin ƙunshin maganin iri biyu ne, na 'yan wata 3 zuwa 11 da na 'yan wata 12 zuwa 59. Za ta tambaya ko yaro yana da zazzaɓi a ranar. Idan yana da shi ba za ta ba shi ba, asibiti za ta tura shi a gwada jininsa. Za ta tambaya ko yana shan Septrin ko ya taɓa samun matsala da magani irinsa, domin irin waɗannan yara ba a ba su. Sannan a ba yaro kason ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku tare da bayani, ta cike kati da takardar ƙidaya, a yi alama da alli a bango. Duk wannan ba zai shiga ɗan saƙo ba, kuma ba a buƙatar ya shiga. Abin da ya kamata ya fito shi ne abin da zai sa wani ya ja da baya: cewa yawo ne a ƙafa gida-gida cikin damina, cewa sai mai iya karatu da rubutu, cewa babu allura.

Batun allurar nan ba ƙarami ba ne. Mutane da yawa idan suka ji "rigakafi" allura suke tunani, kuma wasu da za su iya aikin sosai tsoron riƙe sirinji ne ke hana su fitowa.

Akwai kuma dalilin da ya sa saƙon ya kamata ya fito fili ya ce mata ake so, ko aƙalla mace ɗaya a kowane rukuni. A gidajen da baligi namiji ba ya wuce zaure, mace ce kaɗai za ta kai ga ɗakin da yaron yake. Shekarun da aka yi ana yaƙi da cutar shan inna sun koyar da wannan darasi, musamman bayan dakatar da rigakafin da aka yi a Kano a 2003: matan unguwa da aka san gidajensu da iyayensu su ne suka riƙa buɗe ƙofofin da baƙi ba su iya buɗewa ba. Don haka "'yar unguwar nan" sharaɗi ne na aiki, ba son kai ba.

A ƙaddara wata mazaɓa mai yara 2,400 da suka cancanta. Idan mutum biyu za su iya kaiwa ga yara 60 a rana, a kwana huɗu sun kai ga 240, ke nan ana buƙatar rukuni 10, mutum 20. Daga wannan lissafi saƙon ke fitowa: "Asibitin unguwarmu na neman mata 20 mazauna mazaɓar nan, 'yan shekara 18 zuwa sama, masu iya karatu da rubutu, don raba wa yara maganin zazzaɓin damina gida-gida. Babu allura. Horo: Litinin da Talata, 9 na safe zuwa 2 na rana, a asibitin. Aiki: kwana 4 a jere kowane wata, Yuli zuwa Oktoba, 8 na safe zuwa 2 na rana. Ba aikin gwamnati ba ne, akwai ɗan alawus bayan kowane zagaye. Ba a biyan kuɗin fom. A kira Hajiya Wance, shugabar asibitin, a lamba kaza, kafin Alhamis ƙarfe 4 na yamma." A saƙon gaske, kowace rana za ta zo da kwanan watanta, unguwar kuma da sunanta, domin saƙon waya ba ya mutuwa. Wanda babu kwanan wata a jikinsa zai iya dawowa baɗi yana yawo a WhatsApp, mutanen wata ƙaramar hukuma suna ta kiran baiwar Allah.

Jimlar alawus ita ce masu rubutu suka fi jin nauyin sakawa, ita ce kuma aka fi tambaya. Ɓoye ta kuskure ne ta kowace fuska. Idan akwai kuɗi, a faɗi nawa ne in an tabbatar, da kuma lokacin da ake biya. Idan babu, a ce babu. Wanda ya shiga da tsammanin albashi ya tarar da kuɗin mota shi ne ke ajiye jaka a tsakiyar aiki, ya kuma bi unguwa yana cewa an cinye musu haƙƙi.

Wanda za a tuntuɓa kuwa ya zama mutum ɗaya, da suna da muƙami da lamba ɗaya. Lamba uku a saƙo guda na nufin jerin sunaye uku da ba su dace da juna ba. Kuma a tambayi mai lambar kafin a saka, a tabbatar zai ɗauki waya, har ma zai bi kiran waɗanda suka yi masa filashin, tunda ba kowa ke da kati ba. Ga marasa waya, a ƙara cewa ana iya zuwa asibitin a ba da suna.

Akwai wani abu na fasaha da ke cin kuɗin masu aikawa ba su sani ba. Saƙon tes guda ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 ne idan duk haruffan na gama-gari ne. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya ta shiga, waya kan sauya tsarin rubutun gaba ɗaya, iyakar ta faɗo zuwa 70, saƙo ɗaya ya koma uku. Wasu ƙananan wayoyi ma akwati kawai suke nunawa a madadin harafin. Shi ya sa dogon saƙon can ya fi dacewa da WhatsApp, da takardar da za a manna a ƙofar asibiti, da wadda za a ba liman ko sankira ya karanta. Na tes sai a matse shi, a rubuta shi da haruffan da babu lanƙwasa: "Ana neman mata 20 don raba maganin zazzabi ga yara gida-gida. Kwana 4 duk wata, Yuli-Oktoba, 8 na safe-2 na rana." Abin da ya rage ya ishi suna da lamba da ranar rufewa. Saƙon murya na ƙasa da minti ɗaya, da a maimaita lambar sau biyu a hankali, yana kaiwa ga waɗanda boko bai zauna musu ba.

Gane ko saƙo ya yi aiki ba shi da wuya, mai lambar ne zai faɗa. Idan mutum biyar a jere suka kira suna tambayar "a ina ne?" ko "nawa ake biya?", to wannan bayani ne ya ɓace, a gyara a sake turawa tun ranar. Idan masu kira suna cewa "a rubuta sunana" ne kawai, saƙon ya isar. Bayan an cika mutum 20, da wasu uku ko huɗu na ko-ta-kwana saboda rashin lafiya da haihuwa da tafiya, sai a aika saƙo na biyu ta duk hanyoyin da na farko ya bi, a ce an rufe, a yi godiya, a kuma sanar da iyaye ranar da masu rabo za su fara shigowa gidaje.