"ZAN YI ƘOƘARI": AMSAR DA TA CI MINI KWANA 24

Gabatarwa

Duk wanda ya koyi Hausa a aji kamar yadda na koya, ya san cewa "i" da "a'a" suna cikin kalmomin farko da ake koya masa. Amma da zarar ya shiga cikin masu harshen, sai ya tarar akwai amsa ta uku wadda ta fi waɗannan biyun yawa a bakin mutane, wato irin su "wataƙila", "zan duba", "zan yi ƙoƙari" da "ma gani". A wannan ɗan rubutu ina so in nuna cewa idan mutum ya riga ya san ba zai yi abu ba, to irin wannan amsa ta fi "a'a" mai taushi cutar da wanda ya roƙe shi. Zan kafa hujja da abin da ya same ni a lokacin da nake tattara bayanan kundina na neman digiri.

Abin da ya faru a Sabo

Kundin nawa a kan kalmomin cinikin goro ne, don haka na nufi unguwar Sabo ta Shagamu, inda Hausawa suka daɗe suna wannan sana'a. Kalmomi irin su huhu da marsa da daushe na same su a ƙamus, amma malamina ya ce sai na ji su daga bakin tsohon hannu. A lokacin saura kwana 42 in miƙa babi na uku.

An haɗa ni da wani dillali wanda aka ce shi ne zai iya shigar da ni wurin wani dattijo da ya tsufa a harkar. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi buƙatata. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai 'yata, na gan shi, ma san yadda za a yi." Na koma makaranta da murna.

Bayan kwana 7 na dawo, ya ce, "Ina nan ina ƙoƙari." A kwana na 14 ya ce, "Za a duba." A kwana na 24 sai wani yaron shagonsa ya ja ni gefe ya ce, "Anti, Baba fa ba shi da lafiya tun bara, ba ya ganin baƙi. Maigida ya sani, nauyin gaya miki yake ji." Na yi lissafi a cikin mota: tafiya uku ta banza, kowace Naira 4,000, wato Naira 12,000, ga shi kuma kwana 18 kacal suka rage mini.

A wannan ranar, kafin in bar unguwar, na tsaya wurin wata Hajiya mai tsintar goro na roƙe ta ta bari in ɗauki muryarta. Ta ce, "Ayya 'yata, na gode da kika ga na isa. Amma ba zan iya ba, ni ba na son a ɗauki muryata. Ki je layi na gaba, akwai ƙanena, shi ba ya ƙin irin wannan." Maganar ba ta kai minti biyu ba. Na ji ɗan zafi a lokacin, amma kafin la'asar na yi hira ta minti 50 da ƙanen nata.

Me ya sa amsar dillali ta fi cutarwa?

Dalili na farko shi ne tana ɗaure mai roƙo. Wanda aka ce masa "a'a" ya sami labari, kuma zai iya aiki da labarin nan take, ya nemi wata hanya. Wanda aka ce masa "zan yi ƙoƙari" kuwa ba shi gaba, ba shi baya. Ba zai shirya kamar abin ya tabbata ba, kuma yana jin nauyin ya nemi wani, don kada na farkon ya ce an raina shi. Ni kaina an ambata mini wani mutum a mako na biyu, na ƙi zuwa don kada dillali ya ji ya ɓata rai. Abin lura a nan shi ne "a'a" ɗin tana nan ba ta gushe ba. Jinkirta ta kawai aka yi, har ta iso a lokacin da amfaninta ya ragu. A ranar farko ina da kwana 42 na neman mafita, a ranar da na ji gaskiya kuwa 18 ne a hannuna.

Dalili na biyu shi ne tana sauke nauyi daga kan mai amsa ta ɗora wa mai roƙo. Dillali ya guje wa kunyar minti ɗaya, ni kuma na ɗauki kunyar yin bita sau uku, kullum ina tsayawa a bakin shagonsa kamar mai bin bashi. Masanan nan Brown da Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabin magana, sun bayyana cewa mutane kan kewaya magana don su kare "fuskar" juna, wato mutunci. To amma idan muka tambaya fuskar wa aka kare a Sabo, za mu ga ta dillali ce aka kare na ɗan lokaci, tawa kuwa ta sha rana.

Dalili na uku shi ne tana karya darajar maganar mai yin ta. John Searle ya nuna a 1969 cewa ɗaya daga cikin sharuɗɗan alkawari na gaskiya shi ne mai yin sa ya kasance da niyyar cikawa. "Zan yi ƙoƙari" ma alkawari ne, domin ko da ba a yi alkawarin sakamako ba, an yi alkawarin ƙoƙarin. Wanda ya faɗe shi ba da niyyar motsawa ba, ya ɗauki kaya, tun da Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma ya san ba zai kai shi ba. Illar ita ce ranar da zai ce "zan yi ƙoƙari" da zuciya ɗaya, ba wanda zai dogara da shi. Hajiya kuwa, da ta ce mini "i" a kan wani abu daban, da na yarda da ita ba tare da shakka ba, saboda na ga tana iya cewa "a'a".

Ai kunya ce, in ji wasu

Wata abokiyata Bahaushiya da na ba ta labarin ta yi dariya ta ce, "Ai tun ran farko ya ba ki amsa, ke ce ba ki ji ba." Akwai ƙamshin gaskiya a maganarta, kuma a nan ne darasin nahawu ya shigo. Hausa tana da lokaci mai zuwa iri biyu. Na ɗaya shi ne "zan gan shi", "za mu sani". Na biyu shi ne wanda ake furtawa da dogon wasali da karin sauti faɗau: na, ka, kya, ya, ta, ma, kwa, sa. Wannan na biyun bai kai na ɗaya tabbaci ba, ya fi nuna yiwuwa. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, "na gan shi" na lokaci mai zuwa da "na gan shi" na shuɗaɗɗen lokaci kamarsu ɗaya a takarda, kuma kunnena bai riga ya ƙware wajen raba su ba. Ni na ɗauka dillali yana nufin ya riga ya ga dattijon ne, alhali "ma san yadda za a yi" da ta biyo baya ta isa ta farkar da ni.

Duk da haka, wannan bai wanke amsar ba. Zaurance yana aiki ne idan masu magana biyu sun san shi. Wanda ya ga baƙuwa ta dawo sau biyu ya san saƙonsa bai isa ba. Kuma ko a tsakanin masu harshen, "ma gani" takan zama "i" wani lokaci, takan zama "a'a" wani lokaci, shi ya sa mai buƙata yake riƙe ɓangaren da ya fi masa daɗi. Bugu da ƙari, Kirk-Greene a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa ya lissafa kunya, amma ya lissafa gaskiya da amana tare da ita. Hajiya ta haɗa su duka a cikin jimla uku.

Yadda ake gane ta, da yadda ake gina "a'a"

Daga baya na lura da alamomi uku na amsar da ba ta da niyya a bayanta. Ba a sa rana ko wuri. Mai amsa ba ya tambayar komai game da aikin, alhali mai niyyar taimako zai ce, "Minti nawa hirar za ta ɗauka?" Sannan mai aikatawa yakan ɓace daga jimlar, "ina ƙoƙari" ta koma "za a duba", ba a san wa zai duba ba. Idan ka ga haka, buɗe wa mutum ƙofa: "Baba, in abin zai yi wuya ba komai, sai in nemi wata hanya tun da wuri." Sau da yawa a nan ne za ka ji gaskiya.

Idan kuma kai ne aka roƙa, dubi yadda Hajiya ta jera maganarta. Ta fara da godiya, ta kawo ƙin a fili da "ba zan iya ba", ta ba da dalili guda na gaskiya, sannan ta nuna wata hanya. Taushin yana cikin godiya da sakin fuska, amma ba a taɓa ainihin amsar ba. A kula da dalilin: da ta ce "yau ina da aiki", da na ce to zan dawo gobe, mu koma gidan jiya.

Akwai lokacin da "wataƙila" gaskiya ce, wato idan da gaske ba ka sani ba. A nan sai ka haɗa ta da sharaɗi da rana: "Zan tambaye shi gobe. In ba ki ji daga gare ni ba zuwa Laraba, ki nemi wani." Irin wannan ba ta ɗaure kowa.

Kammalawa

Na miƙa babin nawa saura kwana biyu, da hira uku maimakon biyar da na tsara. Ban riƙe dillali a zuciya ba, domin a makon ne sakataren ƙungiyarmu ya roƙe ni in fito a wasan kwaikwayon Makon Hausa, na ji bakina ya fara cewa "zan yi..." alhali na san ba ni da lokaci. Sai na tsaya na ce, "Ɗan'uwa, na gode, amma bana ba zan iya ba, kundi ya riƙe ni. Ka nemi wata tun yau." Ya ɗan ɓata fuska, washegari kuma ya sami wadda ta karɓi rawar, suka fara gwaji a kan lokaci.